Yadda ake amfani da ginshiƙai bakwai na kasuwanci wajen tsara aikin kilinik mai zaman kansa

Na shafe shekaru ina riƙe da harkar gudanarwa a ƙananan asibitoci masu zaman kansu a garin Tawa, kuma duk likitan da ya zo mini da kukan cewa majinyata sun ragu, abin da yake fara nema shi ne a sa masa sanarwa a rediyo. Sau da yawa nakan roƙe shi ya dakata, domin sanarwa ita ce matakin ƙarshe, kuma idan aka yi ta kafin a gyara cikin gida, sai ta kira jama'a su zo su ga aibin wurin da idonsu. Hanyar da nake bi ita ce wadda masana kasuwanci suke kira "P bakwai", saboda sunan kowane ginshiƙi da harafin P yake farawa a Turanci. McCarthy ne ya tsara huɗun farko a 1960, wato haja, farashi, wuri da sanarwa. A 1981 Booms da Bitner suka ƙara uku saboda masu sayar da hidima, wadda ba a iya ɗauka a juya ta a hannu kafin a biya: ma'aikata, tsarin tafiyar aiki, da shaidar da ido yake gani. A asibiti waɗannan ukun na ƙarshe sun fi nauyi, domin majinyaci ba ya iya auna ƙwarewar likita, amma yana iya auna yadda aka karɓe shi, da tsawon jiran da ya yi, da tsabtar makewayi.

Zan bi aikin da misali ɗaya tak, wato awon ciki a wani kilinik mai likita ɗaya da ungozoma biyu da ƙaramin ɗakin gwaji. Alkalumman kuɗin da za ka gani na misali ne, na zaɓe su don lissafi ya fito sarari, sai ka sauya su da naka.

Abubuwan da za ka tanada

Kana bukatar rajistar majinyata ta wata shida da suka wuce, da littafin kes na wannan lokacin, da takardun kuɗin wuta da ruwa da haya da albashi. Ka samu agogo da ƴan katuna kamar hamsin, da littafi sabo guda da za ka raba shi gida bakwai. Ka kuma samu jerin kuɗin aiki na asibitocin gwamnati da na kilinik biyu ko uku da ke kusa da kai. Idan babu rajista mai kyau, kada ka yi ƙiyasi da ka: ka sa mai karɓar baƙi ya riƙa rubuta shekarun kowa, da unguwar da ya fito, da abin da ya kawo shi, da wanda ya biya masa, har tsawon wata guda, sannan ka fara. Abu na ƙarshe shi ne mutum ɗaya amintacce wanda ma'aikatanka ba su sani ba, wanda zai shigo a matsayin majinyaci ya dawo ya faɗa maka gaskiya.

Mataki na 1: Ka zaɓi wanda kake yi wa aikin

Kafin ka taɓa ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin, ka ƙidaya rajistarka. A kilinik ɗin misalinmu ƙidayar ta nuna cewa mata masu juna biyu da uwayen ƙananan yara su ne kaso mafi girma, kuma da yawansu mazajensu suna bida a Abijan ko Libiya ko Najeriya, kuɗin jinya kuma ta hanyar kamfanonin aika kuɗi yake zuwa. Wannan ya nuna cewa mutum uku ne suke cikin shawarar: matar da za a duba, mijin da zai biya daga nesa, da uwar miji ko wata babba a gida wadda ita ce take cewa a je ko kada a je. Ka rubuta wannan a shafin farko na littafinka, domin duk abin da za ka yanke nan gaba da su ukun za ka auna shi.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ce "kowa namu ne". Ba za ka kori kowa ba, amma tsarin da ya dace da ma'aikacin banki mai asiransi ba shi ne ya dace da matar da ta taso daga wani ƙauye na Illela da asuba ba.

Mataki na 2: Haja, wato ainihin abin da kake bayarwa

Ka tambayi kanka abin da mace za ta samu a wurinka wanda ya cancanci ta biya, alhali tana da hanyar yin awo a asibitin gwamnati ba tare da wannan kuɗin ba. Tun 2006 Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin jinya a asibitocin gwamnati, tiyatar haihuwa kuwa tun 2005, kuma a 2024 an sake rage kuɗin ayyuka a can. Saboda haka ba za ka yi gasar araha ba. Abin da kake da shi shi ne lokaci, da sirri, da ungozoma ɗaya da ta san mace tun daga zuwanta na farko, da kuma gama awo da gwajin jini da eko, wato hoton ciki, a rana ɗaya, a wuri ɗaya.

Ka rubuta hidimar dalla-dalla kamar yadda mai shago yake sanin abin da ke cikin kwalinsa. A misalinmu mun haɗa kunshi ɗaya: zuwa awo sau huɗu, eko sau biyu wanda na farkonsu ake yi kafin mako na 24, gwajin yawan jini da rukunin jini da sukari da fitsari, ƙwayoyin ƙarin jini, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake fara bayarwa bayan wata uku na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta sadu da ma'aikacin lafiya sau takwas, don haka muka bar sauran zuwan a buɗe da kuɗi kaɗan, kuma ungozoma tana faɗa wa kowace mace cewa huɗun nan mafi ƙaranci ne.

Sai kuma ka rubuta abin da ba ka yi, kuma wannan ya fi wancan muhimmanci. Idan ba ka da ɗakin tiyata da ajiyar jini, ka faɗa wa mace tun ranar farko cewa idan haihuwa ta zo da matsala za a tura ta cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro ko babban asibitin jiha, kuma ka tanadi takardar turawa da lambar motar da za a kira. Kilinik ɗin da ya riƙe mace mai zubar jini don kada a ce ya gaza ya yi wasa da rai, kuma babu wani gyaran kasuwanci da zai wanke wannan.

Mataki na 3: Tsarin tafiyar aiki

A littattafai wannan ginshiƙin yana zuwa na shida, amma ni nakan kawo shi nan, domin shi ne yake nuna inda ciwon yake. Ka ɗauki katunan nan, ka ba kowace mace ɗaya a bakin ƙofa, kowane ma'aikacin da ta je wurinsa ya rubuta lokacin da ta iso da lokacin da ta tashi. Ka yi haka kwana biyar, kuma lallai ranar Litinin ta shiga ciki.

Lokacin da muka yi wannan a wani kilinik da na yi aiki, mun tarar mace tana shafe sama da awa biyu a cikin gida, amma zamanta gaban ungozoma da mai gwaji da mai eko gaba ɗaya bai wuce minti ashirin da biyar ba. Da muka bi katunan, sai muka ga sau uku take shiga layin kes: ta biya kuɗin gani, ta dawo ta biya na gwaji, ta sake dawowa ta biya na eko, kuma duk lokacin da ta tashi sai ta rasa matsayinta a layin ungozoma. Ba ƙarin ma'aikaci ake bukata ba. Mun mayar da biya sau ɗaya a farko, muka sa a ɗebi jini da fitsari tun kafin ta shiga wurin ungozoma domin sakamako ya riske ta a can, muka kuma raba lambobi a ƙofa. Jiran ya ragu sosai ba tare da an kashe kuɗin kirki ba.

Akwai gargaɗi biyu a nan. Na farko, lambar layi ba ta aiki a kan gaggawa. Mai karɓar baƙi, har ma da mai gadi, dole su san alamun da ake wucewa da su kai tsaye ba tare da an tambayi kuɗi ba tukuna: zubar jini, jijjiga, matsanancin ciwon kai da kumburin fuska, fashewar faya, da yaron da zazzaɓi ya sa ya kasa shan nono. Na biyu, tsarin da ya yi aiki a watan Fabrairu zai iya rushewa daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake cika zaure da yara. A wannan lokacin ka ware wa masu awo ranakunsu ko sa'o'insu, in ba haka ba za su zauna cikin masu amai da zazzaɓi, kuma ba za su dawo ba.

Idan ma'aikatanka ba za su iya cika katuna ba saboda yawan aiki, ka zauna da kanka a zaure da agogo ka bi mata biyar a rana da ido. Sakamakon bai kai na katuna ba, amma ya isa ya nuna maka inda layi yake tsayawa.

Mataki na 4: Ma'aikata

Majinyaci yana haɗuwa da mai gadi, da mai karɓar baƙi, da mai kes, kafin ya ga likita, kuma waɗannan su ne waɗanda aka fi ƙarancin horarwa da ƙarancin albashi. A nan amintaccen mutumin nan naka zai yi amfani. Ka ce ya lura ko an amsa masa sallama, ko an ɗaga kai an dube shi, ko an kira tsohuwa da "Inna" ko "Hajiya" ko kuwa an ce mata "ke", kuma ko an tambayi mace ciwonta da ƙarfi a gaban mutane. Wannan na ƙarshen yana korar mata fiye da tsada, musamman mai cikin fari da take jin kunyar a san halin da take ciki.

A Tawa ka tabbata akwai wanda yake jin Buzanci ko Fillanci a cikin masu aikin safe, ko da mai shara ce da za a iya kira ta yi tafinta, amma ka koya mata riƙe sirri tukuna. A Yamai kuwa mai karɓar baƙin da ba ya jin Zabarmanci tare da Hausa rabin aiki yake yi. Ga awon ciki, yawancin iyalai sun fi natsuwa da mace ta duba, don haka idan mai eko namiji ne, ungozoma ta kasance a ɗakin koyaushe, kuma a sanar da mace tun a ƙofa.

Akwai wani abu da nake roƙon masu kilinik su guje masa, wato ba likita ko mai jinya kaso a kan kowane gwaji ko magani da ya rubuta. Kuɗin shiga yakan tashi na ƴan watanni, sannan gari ya gane cewa duk wanda ya shiga sai an rubuta masa doguwar takarda, kuma sunan da aka samu ta haka ba ya goguwa da sauri. Idan za ka ba da lada, ka ɗaura shi a kan yawan matan da suka cika zuwansu huɗu, da kuma biyan albashi a ranarsa, domin ma'aikaciyar da take bin bashin wata biyu ba za ta yi wa kowa fara'a ba.

Mataki na 5: Shaidar da ido yake gani

Ka shigo kilinik ɗinka ta ƙofar majinyata, ka zauna a bencinsu da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu. Za ka san nan take ko akwai inuwa, ko fanka tana juyawa, ko akwai ruwan sha mai tsabta. Ka shiga makewayin mata ka ga ko akwai ruwa da buta da sabulu da ƙofa mai sakata, tun da a can ake ɗiban fitsarin gwaji. Ka duba labulen ɗakin awo ko yana rufewa har ƙasa, da zanen gadon ko ana canzawa, da ko ana buɗe sabon sirinji a gaban mai shi.

Takardu ma shaida ne. Lasisin buɗe kilinik daga ma'aikatar lafiya ya kasance a rataye inda za a gani. Kowane biya ya fita da rasit mai hatimi, kuma hoton eko da sakamakon gwaji su fita a rubuce da tsabta, domin su ne matar za ta ɗauka a waya ta aika wa mijin da yake Abijan, shi kuma da su zai gamsu cewa kuɗinsa ya tafi inda ya dace. Idan kuɗin gyara bai isa ba, ka bar tayil da fentin waje, ka fara da makewayi, inuwa da labule. Idan kuma babu janareta ko sola, kada ka yi alkawarin eko a kowane lokaci.

Mataki na 6: Wuri

Mai yiwuwa ba za ka iya tayar da ginin ba, amma wuri ya haɗa da lokacin buɗewa da hanyar isowa. Ka duba ko ɗan kabu-kabu zai gane kwatancen da kalma biyu, ko ruwa yana tare ƙofar da damina, ko akwai allo a bakin titi. Ranar Lahadi ce babbar kasuwar Tawa, kuma ita ce ranar da motocin ƙauye suke shigowa, don haka kilinik ɗin da ya rufe awo ranar Lahadi ya rufe wa matan karkara ƙofa. A watan azumi ka matsar da awo zuwa sassafe. Ka kuma ware lambar waya ɗaya da ungozoma take ɗauka, domin tambaya da tunatar da ranar dawowa.

Mataki na 7: Farashi

Kada ka leƙa allon maƙwabcinka ka kwafa. Ka fara da kuɗin da kake kashewa duk wata ko an zo ko ba a zo ba. A misalinmu haya sefa 150,000 ce, albashi 900,000, wuta da ruwa da man janareta 200,000, sauran ƙananan abubuwa 150,000. Na'urar eko an saye ta 6,000,000, kuma idan aka raba a kan shekara biyar, wato wata 60, kowane wata yana ɗauke da 100,000. Wannan kason shi ne wanda kusan kowa yake mantawa, sai ranar da na'urar ta lalace a tarar babu kuɗin sayen sabuwa. Jimilla ta zama 1,500,000. Idan ana samun zuwa 500 a wata, kowane zuwa yana ɗauke da sefa 3,000.

Yanzu kunshin awo. Zuwa huɗu ya ci 12,000. Kayan gwaji 6,000, eko biyu 5,000 tsakanin kayan aiki da ladan mai dubawa, magunguna 2,000. Duka 25,000 ke nan. Idan ka ɗora kashi 20 cikin ɗari domin riba da ajiyar ko-ta-kwana, farashin ya zama 30,000, wato jika talatin. Amma ka sake lissafin da wata mai rauni. Idan zuwa ya sauka zuwa 300, kowane ɗaya zai ɗauki 5,000, kunshin zai ci 33,000, kuma kana faɗuwa da jika uku a kan kowace mace ba tare da ka sani ba. Shi ya sa ake lissafi da matsakaicin wata shida ko na shekara, ba da watan Satumba mai cunkoso ba.

Yadda ake biya yana da nauyi daidai da adadin. Jika talatin a dunƙule tana da wuya ga iyalin da suke jiran aike, amma jika goma sau uku abu ne mai yiwuwa, kuma idan ka karɓi biya ta waya, mijin zai iya turowa kai tsaye. Ka liƙa farashi a allo, kuma ka koya wa mai kes ta faɗe shi da dala, ta kuma nuna shi a rubuce da sefa, domin idan ta ce "ɗari biyar" wanda yake ƙirga da dala zai ji sefa 2,500, wani kuma ya ji sefa 500, kuma na ga an yi rigima a kan wannan ba sau ɗaya ba. Kada wani kuɗi ya ɓullo daga baya wanda ba a faɗa ba. Idan kana karɓar masu asiransi, ka tuna kuɗinsu yakan ɗauki lokaci kafin ya shigo, don haka kada ka ɗora albashin ƙarshen wata a kansa. Ragin da ake yi wa marasa hali kuwa ya zama da ƙa'ida a rubuce da mutum ɗaya mai sa hannu, in ba haka ba ƴan uwan ma'aikata ne za su cinye shi.

Mataki na 8: Sanarwa

Sai yanzu za ka yi magana da gari. Ka sani cewa ƙa'idojin aikin likita ba su yarda a tallata jinya kamar yadda ake tallata atamfa ba, don haka kafin ka buga komai ka tuntuɓi majalisar likitoci ko hukumar lafiya ta jiha ka ji iyakar abin da aka yarda. Kada ka yi alkawarin warkewa, kada ka ce ka fi wani, kada kuma ka sa hoton majinyaci ko labarinsa a waya. Abin da ya dace shi ne bayani na gaskiya: ayyukan da ake yi, lokutan buɗewa, da farashi. Ungozomarka tana iya shiga shirin wayar da kai a rediyo ta yi bayanin alamun haɗari ga mai ciki, kuma wannan ya fi kowace irin sanarwa amfani ga jama'a.

Ga awon ciki, maganar da take tafiya a wurin suna da biki ita ce take kawo mutane. Saboda haka ka ƙara layi ɗaya a rajista: "Wa ya faɗa miki wurin nan?" Bayan wata uku za ka san ko kuɗin rediyo ya dawo ko kuwa maƙwabta ne suke turo juna.

Mataki na 9: Ka gwada su da juna, sannan ka auna

Ka buɗe littafinka ka karanta gidajen bakwai a jere, kana neman inda ɗaya yake ƙaryata ɗaya. Idan sanarwa ta ce a gama komai a rana ɗaya amma mai eko yana zuwa Talata da Alhamis kawai, to ko dai a mayar da awon farko waɗannan ranakun ko a cire maganar. Idan farashi ya fi na maƙwabta amma makewayi babu ruwa, a gyara makewayin kafin a liƙa allon.

Kada ka canza komai a lokaci guda, domin ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Ka ɗauki gyara biyu a wata. A ƙarshen kowane wata ka fitar da alkalumma uku kawai: matsakaicin lokacin da mace take shafewa daga ƙofa zuwa fita, yawan sababbin masu awo, da yawan waɗanda suka dawo zuwa na biyu cikin waɗanda suka zo na farko. Na ukun shi ne mafi faɗar gaskiya. Idan sababbi suna ƙaruwa amma masu dawowa suna raguwa, ka dakatar da sanarwa, ka sa ungozoma ta kira mata goma daga cikin waɗanda ba su dawo ba ta tambaye su dalili cikin ladabi, sannan ka sake raba katunan lokaci a ƙofa ranar Litinin mai zuwa.